Bayan An Tashi Daga Jarrabawa: Yadda Ake Tambayar Sakamako Ba Tare da Ɓata Rawa da Tsalle Ba

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati ya san cewa ranar jarrabawa ba ita ce rana mai wuya ba. Ranar jarrabawa ka san wurin da za ka je, ka san lokacin da za ka zauna gaban kwamfuta, ka san abin da ake so ka yi. Wahalar tana farawa ne washegari, lokacin da shiru ya sauka. Mako ya wuce, wata ya wuce, mahaifiya ta daina tambaya don kada ta tayar maka da hankali, amma kana ganin tambayar a idonta. Sai wata rana da yamma wani a majalisa ya ce ya ji an ce sunaye sun fito. Daga nan barci ya ƙaurace, hannu ya fara ƙaiƙayin rubuta wa wani, ko ma wane ne, a tambaye shi: ina aka kwana?

Tambayar halal ce. Wanda ya cike fom, ya biya kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, ya zauna ya rubuta, yana da haƙƙin sanin halin da nemansa yake ciki. Sai dai na lura yawancinmu muna ɗaukar ladabin tambaya a matsayin yawan gaisuwa da ƙanƙan da kai kawai. A wurin ma'aikacin da ke zaune bayan tebur, ladabi ya wuce haka. Tambaya mai ladabi a wurinsa ita ce wadda zai iya amsawa ba tare da ya saɓa ƙa'idar aikinsa ba, ba kuma tare da ya ɓata rabin yini yana neman sanin ko kai wane ne ba. Wannan shi ne abin da nake so mu tsaya a kansa.

Abin da ke faruwa a cikin shirun

Kafin mutum ya buɗe baki, yana da kyau ya san girman abin da yake tambaya a kai. A shekarar 2025, hukumar da ke ɗaukar ma'aikata wa jami'an Sibil Difens, gidajen gyaran hali, 'yan kwana-kwana da shige da fice, wadda aka sani da CDCFIB, ta tallata guraben aiki kimanin 30,000. Waɗanda suka nema sun haura miliyan ɗaya da rabi. Ke nan kowace kujera guda akwai mutum fiye da hamsin da ke hangenta. Idan mutum ɗaya cikin ɗari ne kawai ya rubuta saƙon tambaya, saƙonni sama da 15,000 ke nan za su taru a kan ma'aikatan da ba su wuce a ƙirga su ba. Saƙon da ya ce "Salam, yaushe za a saki sakamako?" ba tare da suna ko lamba ba, ba wulaƙanci ne zai sa a ƙyale shi ba. Babu ta inda za a kama shi ne.

Sannan maki ba shi kaɗai ke fitar da suna ba. Kwamfuta kan gama lissafin maki nan take, amma tsakanin maki da jerin sunaye akwai tafiya mai tsawo. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙaman tarayya ta yadda wata jiha ko ƙabila ba za ta mamaye ba, kuma Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ce ke sa ido a kan haka. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, mai nema daga Katsina yana gogayya ne da 'yan Katsina a kan kason Katsina, ba da dukan 'yan Najeriya ba. Shi ya sa za ka ga abokai biyu, ɗaya ya fi ɗaya maki, amma wanda aka fi shi ne sunansa ya fito, domin jiharsa ba ta da cunkoson masu nema kamar ta abokinsa. Wanda bai san wannan ba zai shiga ofis da fushi yana cewa an yi masa ƙwange, alhali tun daga tushe bai fahimci ma'aunin ba.

Wani lokaci kuma jinkirin daga sama yake. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin Rundunar 'Yan Sandan Najeriya da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a kan wa ke da hurumin ɗaukar kurata, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2023 cewa hurumin na hukumar ne. Duk da haka, a watan Yunin 2024, da hukumar ta fitar da sunayen waɗanda suka yi nasara, rundunar ta fito fili ta ce ba ta amince da jerin ba, sai da aka zauna aka daidaita daga baya. A irin wannan lokaci babu akawun da zai iya gaya maka ranar da za a kira ka, domin shi ma a rediyo yake jin labarin kamar yadda kake ji.

Fara da duba gidanka

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata matashiya ce daga Jigawa, mai babbar difloma, ta nemi aikin shige da fice ta hannun CDCFIB, ta rubuta jarrabawar kwamfuta, yau mako shida ke nan. Ƙawarta da suka rubuta tare ta kira ta da murna, ta ce an gayyace ta tantancewa. Ita kuwa wayarta shiru.

Abin da zuciya za ta raya mata shi ne ta nemi lambar wani jami'i ta kira. Ba nan za ta fara ba. Abu na farko, ta ɗauko silif ɗin da ta fitar ranar da ta cike fom, ta duba lambar waya da adireshin imel da ke jikinsa. Wannan ƙaramin mataki ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Da yawa daga cikin matasanmu a shagon kafe ake cike musu fom. Mai kafe yana da layi a gabansa, yana sauri, sai ya sa imel ɗinsa, ko ya buɗe maka sabo nan take ya rubuta kalmar sirrin a guntuwar takarda, takardar kuma ta bi wanki. Wani lokaci lamba ɗaya ce za ta kuskure a cikin lambar waya. Sai gayyata ta fito, ta tafi akwatin da ba mai buɗewa, ranar tantancewa ta zo ta wuce, mai nema yana gida yana jiran kira. Idan ta ga imel ɗin ba nata ba ne, tambayarta ta farko ba ta hukuma ba ce, ta mai kafe ce, kuma yau za ta je, ba gobe ba.

Idan imel ɗin nata ne, ta buɗe shi ta duba har cikin akwatin da aka rubuta wa Spam, domin saƙon da aka aika wa dubban mutane lokaci guda yakan faɗa can. Daga nan ta shiga shafin hukumar da kanta, wanda ta yi rajista a kansa tun farko, ta shigar da abin da ya nema, galibi lambar NIN da lambar waya ko lambar neman aiki, ta ga abin da zai nuna mata. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya na ainihi suna ƙarewa ne da .gov.ng, don haka ta rubuta adireshin da hannunta daga jikin silif, kada ta latsa wanda aka turo mata a zauren WhatsApp. Sai ta sake karanta sanarwar hukumar ta ƙarshe a tsanake. Sau da yawa amsar tana nan kwance a sakin layi na uku: an ce za a riƙa gayyata rukuni-rukuni, ko an ce masu digiri ne za a fara kira kafin masu difloma, ko an faɗi ranar da za a rufe duba sunaye.

Akwai jumla guda da ake yawan sawa a ƙarshen tallan aiki, mai cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa. Ma'anarta ita ce hukumar ba ta ɗauki alkawarin sanar da wanda bai samu ba. Amma ba ta hana tambaya ba. Abin da ta canza shi ne irin tambayar da ta dace.

Wace tambaya ce ke da amsa?

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Tambayoyi uku ne suke kama da juna a bakin mai nema, amma a kunnen ma'aikaci sun sha bamban kamar dare da rana.

"Na ci ko ban ci ba?" Wannan ita ce ke cin rai, kuma ita ce babu wanda zai amsa ta a waya ko a bakin ƙofa. Sakamakon da ba a fitar a hukumance ba sirrin ofis ne, ma'aikacin da ya fallasa shi yana iya fuskantar tuhuma, ko da alheri ya yi niyya. In ka matsa masa, ka sa shi tsaka mai wuya: ko ya ƙi ka ji haushinsa, ko ya faɗa ya jefa aikinsa cikin haɗari.

"Don Allah a taimaka a duba mini, a sa sunana." Wannan kuma ta fita daga tambaya ta koma roƙon alfarma. Mai faɗinta yakan ɗauka ladabi yake yi, domin a al'adarmu ƙarami ba ya tsayawa gaban babba ya nemi haƙƙinsa kai tsaye, sai ya lulluɓe shi da "a taimaka". Amma a rubuce, cikin fayil, kalmar tana ɗaukar wata ma'ana. Ma'aikaci mai tsare mutuncinsa zai ja baya da zarar ya gan ta. Wanda kuma ba ya tsare nasa, kai ka buɗe masa ƙofar faɗin farashi.

Tambaya ta uku ita ce mai amsuwa: a wane mataki aikin yake, an gama fitar da sunaye ko akwai sauran rukuni, kuma ta wace hanya za a sanar? Wannan ba sirri ba ne, ba ta neman kowa ya karya doka, kuma amsarta ita ce ainihin abin da matashiyarmu ke buƙata domin ta san ko ta ci gaba da jira ko ta juya ga wani neman. Idan kuma akwai matsala takamaimiya, kamar shafin ya ce bai san lambarta ba alhali ga silif a hannunta, to wannan ma abu ne da za a iya kai wa teburin wani ya duba.

Ga wa za a miƙa ta? Ga wanda ya tallata aikin, ba ga wanda ya shirya jarrabawar ba, ba kuma ga inda za a yi aikin ba. Hukumar JAMB ta sha gudanar da jarrabawar kwamfuta ta masu neman aikin ɗan sanda, amma aikinta ya ƙare ne a miƙa maki ga masu ɗaukar aikin, ba ita ke zaɓe ba. Mai cibiyar da aka zauna jarrabawa a cikinta hayar ɗakinsa da kwamfutocinsa aka yi. Haka ofishin shige da fice da ke Dutse ba shi ke tsara jerin sunayen ba, ko da jami'an ciki sun so su taimaka. A misalinmu, wasiƙar za ta tafi ne ga Sakataren hukumar CDCFIB a Abuja, ta adireshin imel ko lambar da hukumar ta buga a tallanta. Da aikin ma'aikatun tarayya ne na masu digiri, da Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya za a nufa. Da na jiha ne, sai hukumar ma'aikata ta jihar, ko hukumar ilimin bai-ɗaya idan koyarwa ce a firamare.

Wasiƙar kanta

Harshen ofis a Najeriya Turanci ne, don haka da shi za a rubuta, amma ginin wasiƙar ɗaya ne a kowane harshe. Kanunta ya ƙunshi abu uku: abin da ake tambaya, sunan aikin da shekararsa, da lambar neman aiki. Ma'aikacin da ke tace saƙonni da kanun yake yanke shawarar inda zai tura, don haka kanun da ya ce "Gaisuwa" ko "A taimaka" ya riga ya ɓata hanya. Cikin wasiƙar kuwa, idan aka mayar da shi Hausa, kusan haka zai kasance:

"Ranka ya daɗe. Sunana wance, kamar yadda yake a fom ɗina, daga ƙaramar hukuma kaza ta Jihar Jigawa. Na nemi gurbin kaza a Hukumar Shige da Fice, lambar neman aikina kaza, kuma na rubuta jarrabawar kwamfuta ranar kaza a cibiya kaza. Na duba shafin hukumar da imel ɗina har zuwa yau ban ga wani bayani game da matakin gaba ba. Ina neman a sanar da ni, idan da hali, ko an kammala gayyatar waɗanda za a tantance a wannan rukuni, ko kuwa akwai sauran da ake jira. Ga kwafin silif ɗina a haɗe. Na gode."

Shi ke nan. Layi shida ko bakwai. A lura da abin da babu a ciki. Babu labarin cewa ita marainiya ce ko ita ke riƙe da ƙannenta, ko da gaskiya ne, domin wanda zai karanta ba shi da akwatin da zai sa wannan bayani, kuma tausayi ba ya cikin ma'aunin da aka ba shi. Babu sunan ƙawar da aka gayyata, domin ambatonta zargi ne a fakaice, kuma yana iya jawo wa baiwar Allah ido ba gaira ba dalili. Babu "na ji an ce ana sayar da gurabe". Babu kwafin wasiƙar zuwa ga minista da sanata da gidan jarida. Jumlar da ta ce ta riga ta duba shafi da imel kuwa tana da aiki babba: tana hana a sallame ta da "je ki duba shafinmu".

Ta aika daga imel ɗin da ta yi rajista da shi, cikin ranakun aiki. Ta haɗa silif kawai. Ba a buƙatar hoton katin banki, ba a buƙatar BVN, ba a buƙatar dukan takardun makaranta. Sannan ta rubuta ranar da ta aika a wani wuri, ta ba shi mako biyu.

Idan an je da ƙafa

Mako biyu sun cika, shiru. Mataki na gaba shi ne takarda a hannu. Ba lallai ta yi tattaki daga Jigawa zuwa Abuja ba, ɗan'uwa da ke can zai iya kai mata, ko ta aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa. Ko ma wane ne zai kai, ya tafi da kwafi biyu, ya nemi rajista, wato ofishin karɓar wasiƙu. A can za a karɓi ɗaya, a buga wa ɗayar hatimi da kwanan wata da sa hannu a maido masa. Wannan kwafin mai hatimi shi ne dukiyar tafiyar. Da shi ake bin sawun takarda, da shi ake tuni, kuma shi ne shaidar cewa an tambaya a kan lokaci idan magana ta yi nisa.

A nan ne tarbiyyar gida take amfani, kuma ina ganin mu Hausawa muna da jari a wannan fanni da bai kamata mu yar ba. Sallama, gaisuwa, "ina gajiya, ya aiki", duk suna buɗe fuska. Mai gadi da masinja su ne suka san ofishin da ke buɗe da jami'in da ya fita, wanda ya wuce su ba gaisuwa yakan yini yana zagaye. Sai dai gaisuwar ta tsaya a inda ta dace. Ɗabi'armu ta kewaye-kewaye kafin a zo ga magana tana da kyau a zauren dattijo, amma a gaban akawun da mutum goma ke jira a bayanka, ta zama ɗora masa nauyi. Abin da ya fi shi ne a gaisa, sannan a ce: "Ranka ya daɗe, takarda na kawo game da ɗaukar ma'aikatan bana, ina so a karɓa a buga mini hatimi a kwafina." In mace ce, "ranki ya daɗe" ko "Hajiya". In an karɓa, a ƙara tambaya guda: "Wane ofishi za ta je, kuma yaushe ya dace in dawo tuni?" Amsar wannan ita za ta hana ka zarya kullum har fuskarka ta gundure su.

Kada kuma a yi gayya. Tara abokai ashirin a tsaya a ƙofar hukuma ba ya sa a fito da jerin sunaye, sai dai ya sa a rufe ƙofa. Waɗanda suka san abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014 ba sa wasa da cunkoson masu neman aiki. A ranar ne aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa da wasu wurare a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin da wasu birane domin jarrabawar shiga aikin shige da fice, bayan kowannensu ya biya Naira 1,000, turmutsutsu ya ɓarke, mutane fiye da goma suka rasa rayukansu. Tun daga lokacin, taron masu neman aiki a bakin ƙofa abu ne da ke tayar wa jami'an tsaro hankali.

Yadda ake karanta amsa

Amsar ofis gajeriya ce, sai an saurara da kyau. Idan aka ce aikin yana gudana, a ci gaba da duba shafi, to ƙofa ba ta rufe ba, kuma ba a sake tambaya sai an ga sabuwar sanarwa ko wata guda ya wuce. Idan aka ce an riga an tuntuɓi duk waɗanda aka zaɓa, wannan "a'a" ce cikin mutunci, kuma gara a karɓe ta a haka da a ɓata wata shida ana jiran rukuni na biyu da ba wanda ya yi alkawarinsa. Idan aka ce ba a ga bayananta ba, to an samu matsalar da za a iya gyarawa ko a gano tushenta. Sau da yawa saɓani ne tsakanin sunan da ke fom da wanda ke rajistar NIN, kamar Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta bambanta, ko shekarunta sun haura iyakar da tallan ya gindaya. Sai ta amsa da godiya, ta haɗa silif da takardar NIN, ta tambayi ko akwai hanyar gyara kafin a rufe.

Akwai kuma amsar da ke zuwa ba a tambaye ta ba, kuma ita ce mafi haɗari. Mutumin da ya rubuta lambar wayarsa a ƙarƙashin sanarwar hukuma a Facebook yana roƙon a duba masa, ya sanar da 'yan damfara abu biyu: yana jira, kuma ya ƙagu. Ba a jima sai waya ta yi ƙara, murya mai natsuwa ta kira shi da cikakken sunansa, ta ce sunansa yana jerin ajiya, ana buƙatar kuɗin kaki ko na gwajin lafiya kafin ƙarfe huɗu. Alamomin ba sa canzawa: kuɗi, gaggawa, asusun banki mai sunan mutum, da gargaɗin kada a gaya wa kowa. Hukumomin nan suna nanatawa a sanarwarsu cewa neman aikin kyauta ne. Wanda ya nemi ka karanto masa lambar da banki ya turo maka a waya kuwa, ba aikin yake so ya ba ka ba, asusunka yake so ya kwashe.

In shiru ya ƙi ƙarewa

A ce matashiyarmu ta aika imel, ta kai takarda, ta yi tuni sau ɗaya, ba amsa, kuma tana da dalili mai ƙarfi na zaton an yi kuskure a kanta. Doka ta ba ta wata hanya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa, da damar ƙarin wasu kwana 7 a wasu yanayi. Idan wa'adin ya wuce ba amsa, doka ta ɗauke shi a matsayin an ƙi, kuma mai nema yana da kwana 30 ya kai maganar kotu.

Amma a san iyakarta, don kada a ɗora mata abin da ba za ta ɗauka ba. Dokar ta yarda hukuma ta ƙi bayar da tambayoyin jarrabawa da mabuɗin amsoshi da sauran bayanan da ake auna masu neman aiki da su, ta kuma kare bayanan sirri na wasu mutane. Saboda haka neman a ba ka makin ƙawarka ko takardar tambayoyi ɓata tawada ne. Abin da ya fi yiwuwa a samu shi ne irin su ƙa'idar da aka bi wajen zaɓe, yawan gurabe da aka ware wa jiharka, da ko an kammala aikin. Wasiƙar za ta ambaci sunan dokar a kanunta, ta jero abin da ake nema ɗaya bayan ɗaya, da harshe mai sanyi irin na farko. Ambaton doka ba rashin kunya ba ne, kuma ba ya buƙatar a ɗaga murya.

Ga wanda ba shi da halin lauya, akwai Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofisoshi a jihohi, kuma ba a biyan kuɗi kafin ta karɓi koke. Idan kuma ƙorafin na kason jiha ne, Hukumar Raba Daidai ce gidansa. A duk inda matashiyar ta je cikin biyun, abin da jami'in zai fara tambaya shi ne ko ta tuntuɓi hukumar da ta tallata aikin, da yaushe, da abin da aka ce mata. A nan ne za ta buɗe jakarta ta fito da silif, da imel ɗin da ta buga a takarda mai ɗauke da ranar aikawa, da kwafin nan mai hatimin rajista.